An sami ciwon hanta nau'in B a jinin wanda zan aura: a fasa ko a ɗaura?

Assalamu alaikum, Hajiya. Ni budurwa ce mai shekara 23, a nan Zinder nake. An sa ranar aurena, saura wata huɗu. Wanda zan aura ya je bai wa wata ƴar'uwarsa jini bayan ta haihu, sai aka ƙi ɗauka, aka ba shi takarda an rubuta Ag HBs positif, aka ce masa ciwon hanta ne nau'in B. Bai ɓoye mini ba, ran nan ya faɗa mini, ni kuma na faɗa a gida. Baba ya ce ƙanen sida ne, a mayar musu da kayansu. Gwaggona ta ce irin wanda ya kashe masu ciki a Diffa ne, har ta ware masa kofi idan ya zo gaisuwa. Mahaifiyarsa ta ce shawarar da ya yi yana yaro ce ta kwanta masa, jiƙo zai wanke ta. Shi kuwa shekararsa 29, lafiyarsa lau, ko zazzaɓi ba ya cika yi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kawunsa ya rasu da kumburin ciki bai kai hamsin ba. Ina son sa, amma ina tsoron in kamu, ko in haifi ƴaƴa da cutar, ko in yi takaba da ƙuruciyata. Me zan yi?

Wata baiwar Allah, daga Zinder

Wa alaikumus salam, ƴata. Allah ya kwantar miki da hankali, ya zaɓa miki abin da ya fi alheri. Kafin komai ina so ki riƙe abu guda game da wannan yaro: ya sami labarin da zai iya rushe masa aure, yana da ikon ya ninke takardar ya jefa aljihu ya yi shiru, amma ya zo ya faɗa miki. Na daɗe ina aikin jinya, kuma na ga maza da yawa da ba su iya hakan ba. Wannan bai isa ya zama dalilin aure shi kaɗai ba, amma ki sa shi a ma'auni lokacin da kike auna sauran abubuwa.

Ruɗanin da ya shiga gidajenku biyu ya samo asali ne daga suna. Mu a Hausa muna cewa ciwon hanta, ko mu ce shawara idan ido ya yi ɗorawa, sai a ɗauka cuta ɗaya ce. Alhali ƙwayoyin cuta biyar ne daban-daban, an raɗa musu A, B, C, D da E, kuma abin da ya haɗa su kawai shi ne dukansu hanta suke nema. Hanyoyin da suke bi su shiga jiki ba ɗaya ba ne, abin da kowace take bari a baya ma daban ne. Kowa a cikin manyanku ya kama wani yanki na gaskiya, sai dai ya ɗora shi a kan cutar da ba ita ba ce.

Bari in fara da Gwaggo, domin tsoronta yana da tushe. Abin da ya faru a jihar Diffa a shekarar 2017 ciwon hanta ne nau'in E, kuma gaskiya ne mata masu ciki ne suka fi mutuwa. Nau'in E da nau'in A ta baki suke shiga: bayan gidan mai cutar ya gurɓata ruwa ko abinci, wani ya sha ko ya ci. Ke da kika tashi a Zinder kin san yadda muke da ruwa idan zafi ya yi zafi, famfo ya ɗauke kwana da kwanaki, a koma wa ƴan ga-ruwa da jarkokin da ba a san inda aka ciko su ba, sannan damina ta zo tapkuna su cika su haɗe da ƙazantar unguwa. Nan ne gidan A da E. Mutum zai yi zazzaɓi, kasala, tashin zuciya, fitsari ya yi ja kamar shayi, ido ya yi ɗorawa, bayan ƴan makonni ya miƙe. Nau'in A ba ya zama a jiki, kuma wanda ya yi shi sau ɗaya ba ya sake yi. Nau'in E shi ma wucewa yake yi ga yawancin mutane, amma ga mace mai tsohon ciki yana iya kashe hanta cikin kwanaki, har a rasa mace ɗaya cikin huɗu ko biyar da suka kamu a watannin ƙarshe. To wannan cuta ce ta ruwa, maganinta tafasa ruwa da wanke hannu da sabulu, kuma ba ita ce a jinin wanda za ki aura ba.

Haka ma shawarar da mahaifiyarsa ke tunawa. Yaron da ya yi ɗorawar ido a garuruwanmu ya warke, sau da yawa nau'in A ne ya yi, ko kuma wani abu dabam kamar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko sikila. Nau'in A ba ya rikiɗewa ya koma B, kamar yadda gero ba ya zama dawa don ya daɗe a rumbu. Mafi yawan yaran da suka ɗauki nau'in B ma ba sa nuna wata alama ko kaɗan lokacin da ya shige su.

Nau'in B hanyarsa jini ce da ruwan jiki na saduwar aure. Ba a ɗaukarsa ta kofi, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko musafaha, ko tari, ko zufa, ko cizon sauro. Ina roƙonki ki lallashi Gwaggo ta mayar da kofin nan cikin sauran. Na taɓa jinyar wani magidanci da iyalinsa suka ɗaura wa kwanonsa jan zare don kada ya gauraya da na yara, ya shekara biyu yana cin abinci shi kaɗai a zaure, alhali rezar da yake aske gemu da ita tana kan taga, ƴaƴansa maza suna ɗauka suna yanke farce. An tsare ƙofar da cutar ba ta bi, an bar wadda take bi a buɗe. Ƙwayar B tana iya rayuwa a busasshen jini a kan aska ko reza har kwana bakwai, kuma ɗigon da ido ba ya gani ya isa.

Na san akwai tambayar da ba ki rubuta ba, wataƙila kuma ita ce ke cin Baba a rai: ina ya samo ta? A ƙasashenmu na Afirka ta Yamma, yawancin masu ɗauke da nau'in B tun suna jarirai ko ƙananan yara suka same shi, ko dai daga uwa lokacin haihuwa, ko daga ƴan'uwa da abokan wasa ta ƙuraje da raunuka, ko ta askar wanzami da ba a dafa ba wajen askin suna, kaciya, cire beli, tsaga da ƙaho, ko allurar da aka yi wa mutum biyu da ita. Akwai dalilin da ya sa nake ƙarfafa wannan zato. Jaririn da ya kamu, tara cikin goma cutar takan zauna musu har girma, domin garkuwar jikinsu ba ta gane ta a matsayin baƙuwa ba. Babban mutum kuwa idan ya kamu, fiye da 95 cikin 100 jikinsu yana korar ta cikin wata shida. Saboda haka saurayi mai shekara 29 da aka sami cutar zaune a jininsa ba tare da ya yi ciwo ba, mafi rinjayen zato shi ne tun yana goye take tare da shi. Wannan takarda ba shaida ba ce a kan tarbiyyarsa, kuma zalunci ne a karanta ta haka. Allurar rigakafin B ba ta shiga cikin alluran jarirai a Nijar ba sai a 2008, don haka shi da ke duka an haife ku kafin ta zo.

Maganar Baba cewa ƙanen sida ne tana da gefen da ya dace: hanyoyin kamuwa sun yi kama, kuma gaskiya B ya fi sida saurin kama mutum nesa ba kusa ba. Ba zan ɓoye miki wannan ba. Inda suka rabu shi ne B yana da allurar rigakafi mai ƙarfi, wadda ke kare kusan duk matashin da ya kammala ta. Matar da aka yi wa allurar, aka auna aka ga ta kama, tana iya zama da mijinta shekara da shekaru, su haihu, ba ta ɗauka ba.

Sauran biyun zan taɓa su a gurguje, don za ki ji likita ya ambace su. Nau'in C ta jini yake bi, musamman allura da kayan yanka da ƙarin jinin da ba a tantance ba, kuma bai cika bi ta saduwar ma'aurata ba. Kusan bakwai cikin goma na waɗanda suka kamu yakan zauna musu, yana cin hanta a hankali. Ba shi da rigakafi, amma yau yana da magani na warkewa sarai: ƙwayoyi na kimanin mako 12 suna kawar da shi ga fiye da 95 cikin 100. Nau'in D kuwa ba ya iya rayuwa sai a jikin mai B, kamar kauci a kan itace, kuma idan suka haɗu hanta ta fi saurin lalacewa. Yankinmu yana cikin wuraren da ake samun sa, shi ya sa yana da kyau a nema a jininsa idan akwai hali. Wanda ya tsira daga B ya tsira daga D.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi nauyi a wasiƙarki, wato kawun nan. A ganina haɗarin da ke kanki ƙarami ne kuma ana iya toshe shi, haɗarin gaske yana kan hantar shi yaron, kuma a nan ne nake so ki sa hankalinki. Mun saba cewa jiki magayi, amma hanta ba ta cikin masu faɗa da wuri. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayar cutar tana zaune cikin hanta, garkuwar jiki tana kai mata hari lokaci bayan lokaci, kowane hari yana barin tabo. Tabo kan tabo, shekara ashirin ko talatin, sai hanta mai laushi ta taurare ta ƙanƙance, jini ya kasa ratsa ta yadda ya kamata. A lokacin ne ruwa ke taruwa a ciki, ƙafafu su kumbura, jijiyoyin maƙogwaro su cika har su fashe mutum ya yi aman jini, wani lokaci hankali ya riƙa gushewa. Ɗaya haɗarin shi ne sankarar hanta, kuma nau'in B yana da wani mugun hali da C bai cika yi ba: yana iya haifar da sankara tun hanta ba ta taurare ba, ga mutum ɗan shekara talatin da wani abu. Cikin waɗanda suka ɗauki cutar tun yarinta kuma ba a kula da su ba, kimanin 15 zuwa 25 cikin 100 ɗaya daga cikin waɗannan biyun ne ke zama ajalinsu. Ki juya lissafin kuma ki gani: mafi yawansu ba sa kaiwa can, kuma wannan adadi na waɗanda ba su san suna da ita ba ne ko ba su sami magani ba.

Ban ga kawunsa ba, kuma kumburin ciki yana da dalilai da dama, amma namiji da ya rasu haka kafin hamsin, a dangin uwar wanda aka samu da B, abu ne da dole a faɗa wa likita da baki, kada a bari sai ya tambaya. Yana iya nufin cutar ta biyo ta wajen kaka zuwa ƴaƴanta, daga mahaifiyarsa zuwa gare shi. Tarihin taurarewar hanta ko sankara a dangi yana ƙara haɗari, kuma yana cikin abubuwan da ke sa likita ya fara magani da wuri.

Ga abin da nake so ya yi, kuma kada ya jira bayan biki. Ya ɗauki takardarsa ya je Babban Asibitin Ƙasa na Zinder ya nemi ganin likitan da ke duba ciki da hanta. Awon da aka yi masa wajen bayar da jini na tantancewa ne kawai, yana cewa akwai cutar, ba ya cewa yaya hanta take. Za a sake tabbatar da shi, kuma idan Ag HBs ya ci gaba da fitowa bayan wata shida, an tabbatar zaunanniya ce. Sannan akwai tambayoyi uku da awo zai amsa. Ta farko, hanta tana ƙuna yanzu ko tana kwance? Wannan shi ne awon da zai gani an rubuta ALAT da ASAT. Ta biyu, yaya yawan ƙwayar cutar a jini? Wannan ya fi tsada, wani lokaci sai an aika jinin wani wuri, amma shi ne ke nuna ko cutar tana barci ko tana hayayyafa. Ta uku, tabo ya yi nisa? Ana ƙiyasta wannan daga awon jini na yau da kullum da hoton ciki na eko. Tare da su za a auna sida da nau'in C, kuma kada ransa ya ɓaci, ƙa'ida ce: maganin B yana taɓa ƙwayar sida, idan aka ba mai sida shi kaɗai ba a sani ba, sidar takan bijire wa magani.

Sakamakon zai faɗa ɗaya daga cikin gida biyu. Idan ALAT daidai yake, ƙwayar cutar kaɗan ce, ƙasa da 2,000 a ma'aunin da ake rubutawa UI/ml, hoto kuma ya nuna hanta sumul, mai yiwuwa likita ya ce ba a buƙatar magani yanzu, a riƙa dawowa awo. Nan ne mutane suka fi yin kuskure, su ji an ce ba magani su ɗauka an sallame su, su ɓace shekara goma. Cutar da ke barci tana iya farkawa ba tare da mutum ya ji komai ba, don haka awon jini aƙalla sau ɗaya a shekara wajibi ne, kuma saboda tarihin kawunsa zan so ya riƙa yin hoton hanta duk wata shida, domin ƙullin sankara da aka gani yana ƙarami ana iya yin wani abu a kai, wanda kuwa ya bari sai ya ji ciwo a gefen dama yawanci ya makara. Idan kuma ƙwayar ta haura 2,000 kuma ALAT ya hau, ko aka ga tabo ya fara yawa, za a ɗora shi a kan magani, galibi tenofobir, ƙwaya ɗaya a rana. Maganin ba ya fitar da cutar daga jiki gaba ɗaya, danne ta yake yi har a kasa ganin ta a awo, hanta ta huta, wani tabon ma ya ragu, haɗarin sankara ya sauka ƙwarai ko da bai ɓace ba. Yawanci shan sa na shekaru ne, sau da yawa na tsawon rai, ana duba ƙoda lokaci-lokaci. Babban kashedi shi ne kada ya fara ya daina da kansa, ko don kuɗi sun yanke ko don ya ji sauƙi, domin cutar takan dawo da ƙarfi ta ƙone hanta cikin makonni. Ku sa kuɗin maganin nan cikin lissafin gida tun yanzu, kamar yadda ake sa na hatsi. Azumi ba ya hana shi, ana iya sha bayan buɗa baki.

Akwai abu guda da ya shafe mu mu mutanen ƙasar gyaɗa, wanda ba a cika faɗa ba. Gyaɗa da masara da aka adana da danshi suna yin fumfuna mai fitar da wata guba da ake kira afalatoksin, kuma idan gubar nan ta haɗu da nau'in B haɗarin sankarar hanta yana ninkuwa sau da yawa. Idan kin zama uwargida, ki riƙa tsince gyaɗar da ta yanƙwane, ta canza launi ko take ɗaci ki zubar, kada ki ce a yi ƙuli-ƙuli ko tunkuza da ita don kada a yi asara. Giya kuwa ko kusa, kuma ya daina sayen ƙwayoyi a hannun masu tallar magani a kasuwa.

Ke kuma, ƴata, kada ki fara da allura, ki fara da awo. Ki nemi a duba miki Ag HBs mai nuna ko cutar tana jininki, da anti-HBs mai nuna garkuwa, da anti-HBc mai nuna ko kin taɓa haɗuwa da ita, domin kin tashi a gari ɗaya da shi, wanzamai ɗaya, kuma ba abin mamaki ba ne a sami amsar da ba ki zata ba. Idan aka ga kin taɓa haɗuwa da cutar jikinki ya kore ta ya bar garkuwa, kin tsira, ba kya buƙatar komai. Idan aka ga ke ma kina ɗauke da ita, to maganar wa zai sa wa wani ta faɗi, ku biyun za ku shiga kulawar likita, kuma a nan ne maganar haihuwa za ta ƙara muhimmanci. Idan kuwa duka ba a ga komai ba, sai allura.

Mu duba kwanakin tare. Tsarin da aka saba shi ne allura uku: yau, bayan wata ɗaya, sannan a wata na shida. Wannan ya wuce ranar da aka sa muku. Amma akwai tsarin gaggawa da likita zai iya zaɓa miki: yau, bayan wata ɗaya, bayan wata biyu, da ta ƙarfafawa idan shekara ta cika. Idan kika fara a makon nan, ta uku za ta faɗo saura wata biyu biki, bayan wata ɗaya kuma a auna anti-HBs. Idan ya kai 10 ko ya haura, garkuwa ta kama, za ki shiga ɗakinki da kwanciyar hankali. Kada ki tsallake awon nan na ƙarshe, domin akwai ƴan kaɗan da jikinsu ba ya amsa zagayen farko sai an maimaita. Ki sayi allurar a farmasi ko a yi miki a asibiti inda ake ajiye ta cikin sanyi, kuma a dantse ake yin ta ba a ɗuwawu ba. Idan ranar ta zo garkuwa ba ta tabbata ba, hanya biyu ce: ko a ɗaura aure ku yi amfani da kwaroron roba har awo ya yi kyau, ko a ɗaga tarewa wata biyu ko uku. Ni na fi karkata ga ɗagawar idan kin san maganar robar za ta yi muku nauyi, gara a sha surutun dangi na ƴan makonni da a yi alkawarin da ba za a cika ba.

Game da ƴaƴa, cutar ba ta bin maniyyi ta shiga halittar ɗa kamar yadda sikila ke bin gado. Babbar hanyar jariri ita ce jinin uwa lokacin haihuwa, don haka idan ke ba ki da ita, wannan ƙofa a rufe take. Abin da ya rage shi ne zaman gida ɗaya da uba mai cutar, kuma allura ta isar masa: ta farko cikin awa 24 da haihuwa, sannan alluran jarirai na mako 6, 10 da 14 waɗanda rigakafin B ke cikinsu. Tun kina awon ciki ki tambayi ungozoma ko akwai ta ranar haihuwa a inda za ki haihu, idan babu ku tanade ta kafin naƙuda. Ranar suna kuma a sayi sabuwar reza a miƙa wa wanzami. Idan awo ya nuna ke ma kina da cutar, allurar awa 24 ɗin ta zama dole ƙwarai, kuma idan ƙwayar tana da yawa a jininki za a ba ki tenofobir a watannin ƙarshe na ciki. Shayarwa ba ta hanuwa.

Saura manya. Baba ba maƙiyinku ba ne, uba ne da ya ji an ambaci cuta a jikin wanda zai miƙa wa ƴarsa, kuma da ni ce a matsayinsa ban san komai a kai ba, da abin da zan fara faɗa ke nan. Kada ki yi jayayya da shi, kuma kada ki kai masa wannan bayani da bakinki kamar kina koya masa. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, ƙanensa ko amininsa ko limamin unguwa, a roƙe shi alfarma guda: ya dakata da mayar da kaya har sakamakon awo ya fito, sannan ya zauna da likitan shi da waliyyin yaron, ya yi duk tambayar da ke ransa. Yaron shi ma ya yarda a buɗe wa Baba sakamakon duka, mai daɗi da marar daɗi. Sau da yawa na ga uba ya sauko idan ya ji daga bakin likita, ya ga kuma takardar da ke nuna ƴarsa ta sami garkuwa.

Mahaifiyarsa kuwa a bi ta a hankali ƙwarai. Idan aka ce mata daga gare ta ya samu, za ta ji kamar an ɗora mata laifi, alhali ita ma ba ta san tana da ita ba, idan ma tana da ita. Ɗanta ne ya kamata ya ce mata likita ya nemi a auna duk ƴan ɗaki, ita da ƙannensa da yayyensa, domin wanda ba shi da ita a yi masa allura, wanda ke da ita a fara duba shi. Wataƙila awon nan ya ceci wani a gidan da bai san yana kan hanyar kawu ba. Jiƙon kuwa ina roƙo a bar shi. Duk abin da aka sha hanta ce ke tace shi, babu saiwa ko sassaƙen da aka tabbatar yana kawar da ƙwayar B, kuma na sha karɓar mutanen da hantarsu ke lallaɓawa lafiya, suka sha haɗin wanke hanta na mako biyu, suka zo ido jawur da ɗorawa.

Zan kuma gaya miki abin da ba za ki so ji ba. Akwai yiwuwar, ko da ƙarama ce a shekarunsa, awo ya nuna hantar ta riga ta taurare. Idan haka ta faru, magani yana iya tsayar da ita shekaru masu yawa, amma rayuwar za ta zama ta zuwa asibiti a kai a kai da kashe kuɗi da fargaba, kuma kina da haƙƙin ki zauna ki auna ko za ki iya, ki yi istihara, ba tare da kowa ya kira ki marar amana ba. Haka nan idan kika ga yana gudun awo, ko ya fi son jiƙo da zuwa likita, wannan ya fi takardar farko zama abin tsoro a wurina, domin kulawar shekara talatin ba ta yiwuwa da mutumin da ba ya so. Ki lura da yadda zai ɗauki makonnin nan masu zuwa.

Ki je awonki gobe ko jibi, kada ki jira nasa ya fito, domin kowane mako da ya wuce yana cin kwanakin allurarki. Idan takardun sun fito, naki da nasa, ki sake rubuto mini da lambobin kamar yadda suke, mu duba su tare kafin zaman da za a yi da Baba. Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa, ya jiƙan kawunsa.